Ƙaguwa, Jatan Lande da Rumfar Mainasara

"Faɗi la'adarka, Baba," in ji Alhaji Muhtari. "Amma ka sassauta, hoto ɗaya ne za ka duba."

Mainasara bai ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ba. Ya taka bakinta da babban yatsan ƙafa, ya murza rama a cinya, ya bar Alhaji a tsaye da waya a hannu har sai da ya kai ƙarshen zaren.

"Ba ni son ko sisi. Rumfar nan nika so."

Rumfar kuwa langa-langa huɗu ce a kan sanduna, jingine da bangon ɗakin sanyin Alhaji Muhtari a kasuwar Kaura Namoda. Shekara goma sha ɗaya Mainasara yana zaune a ƙarƙashinta yana sayar da igiyar shanu da takunkumi da dabaibayi, yana ba duk wanda ya zauna labarin Ikko, wato Legas. Makonni uku da suka wuce Alhaji ya ce masa ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata, domin Shamsuddeen, ƙanin matarsa da ke riƙe masa shagon, ya auna wurin ya ce nan ne babban janareta zai zauna. Mainasara bai roƙa ba. Ya dai zagaya kasuwar sau biyu, ya ga babu inuwar da ba ta da mai ita, kuma mai shekara saba'in da ɗaya ba ya tallan igiya a rana.

"In kukun kamfanin gada ya karɓi kayan da ke cikin hoton ga bisa maganata, rumfa tawa ce har ranar da za a ɗauke ni a makara," ya ce. "In ya maido su, a ranar zan kwashe, ba sai wata ya ƙare ba."

"Wagga ai caca ce."

"Caca ita ce ka aika kuɗinka Ikko a sawo maka abin da ba ka san gabanshi da bayanshi ba. Ni aiki zan yi maka."

Alhaji ya dubi Shamsuddeen da ke bakin ƙofa, sannan ya miƙa hannu. Suka tafa. Nagoggo, wani dattijon Bafillace daga Gurbin Bore da ya zo sayen dabaibayi, ya ce shi ya gani, kuma Allah ya gani.

Ga abin da ya kawo maganar. Akwai wani kamfani da ke gina gada a hanyar da ta wuce Zurmi, kuma Alhaji Muhtari ne ke kai wa sansaninsu kifi da kaji. Aiki ya zo ƙarshe, manyan kamfanin za su zo daga waje, za a yi musu liyafa. Sai aka aiko wa Alhaji takarda da abu uku: ƙaguwa, jatan lande, da wani abu da aka rubuta lobsta. Da aka tambaye shi ko zai iya, ya ce ai wannan aikinsa ne tun tuni, saboda ya san akwai wani mai ɗakin sanyi a Gusau da ke jiran ya yi tuntuɓe. Wanda ya faɗi haka ba ya komawa ya tambayi kuku yadda abin yake. Sai ya buga wa Auwal, ɗan garinsu mai sayar da albasa a Legas, ya ce ya je kasuwar bakin ruwa ya ɗauko hoto. Motar sanyi da ke kawo kifi Gusau za ta tashi washegari da safe, don haka dole Auwal ya saya a ranar.

Mainasara ya ciro tabaransa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya goge da bakin riga. Shamsuddeen ya karɓi wayar ya durƙusa kusa da shi, ba don yana so ba.

Tebur ne jiƙe, da faranta uku manya da kwando ɗaya, da hannun wata mata a gefe, da ledar ruwan sha da aka ajiye a tsakani. Nagoggo ya leƙo ta kafaɗa ya ja da baya.

"Wagga ai kunama ce da gizo-gizo. Mutane ka cin su?"

"Masu kuɗi ma kuwa. Koma ga nononka, Fullo," in ji Mainasara.

"Auwal ya riga ya yi bayani, Baba," in ji Shamsuddeen. "Na kwando ƙaguwa, na hagu jatan lande, na tsakiya masu manyan hannuwa su ne lobsta. Matar da kanta ta gaya mishi. Ni ban ga abin da za a tsaya dubawa ba."

"Buɗe mini kwandon."

Shamsuddeen ya ware yatsu biyu a kan gilashin, kwandon ya cika fuskar wayar.

"Wanga ba gardama, ƙaguwa ce. Jiki faffaɗa kamar an kife ƙoƙo, ba ka ganin bindi, ta naɗe shi ƙarƙashin ciki. Ƙafa huɗu kowane gefe, da awartaki biyu gaba, goma ke nan. Dubi ƙafar baya, ka ga ta yi faɗi kamar filafili? Ta ninƙaya ce, ta ruwan gishiri-gishiri na bakin teku, ba irin tamu ta gulbi da yara ka tonowa ba. Wagga da ta kife kuma mace ce, murfin cikinta faɗi gare shi. Na namiji siriri ne kamar tsinke. Ka gaya ma Auwal kada ya karɓi wadda ba ta motsi. Ƙaguwa in ta mutu ba ta jiran kowa, nan da nan taka wari. A sa masu rai cikin ƙanƙara a gabanshi."

Alhaji ya jawo benci ya zauna.

Na hagu ma bai ɗauki lokaci ba. Mainasara ya nuna jikinsu a lanƙwashe, matse ta gefe da gefe, ɓawo siriri har kana hango nama, da ratsi-ratsi a baya, da wani tsini a goshi mai haƙora kamar zarto. Ya ce jatan lande ne na teku, manya, masu kyau. Ya ce dangin wanda ake busarwa a daka a miya ne, sai dai wannan ya ci ya ƙoshi.

"To na tsakiya," in ji Alhaji.

Nan Mainasara ya daɗe. Abubuwan sun fi na hagu girma, launinsu kamar ƙasa-ƙasa, kowanne da dogayen hannuwa biyu masu duhu da suka zarce jikinsa, da awartaki a baki. An jera su kai waje guda, an miƙar da hannuwan gaba don su cika ido. Ya sa aka matso da kan ɗaya. Ya sa aka koma kan ledar ruwa, ya auna tsawon jikin da ita. Sai ya yi murmushi.

"Jatan lande ne."

"Haba, Baba," in ji Shamsuddeen.

"Na kogi. Namiji ne ƙato, shi ka yin hannu haka. Dubi goshinshi, ga zarto nan, iri ɗaya da na hagu. Dubi bayanshi, sumul, ba ƙaya. Ga doro inda ya lanƙwasa. Cire hannuwan ga ka aza shi kusa da ledar ruwa, da kaɗan zai fi ta. Wanda anka yi ma odar shina can."

Ya ɗora farce a kusurwar sama ta dama, inda hoton ya yanke farantin ƙarshe. Abin da ya shigo bai wuce rubu'insa ba. Wasu sanduna ne biyu masu kauri kamar bulalar tsamiya, sun ratso ta kan tebur, sai gutsuren kai mai ƙayoyi, sai bindi ɗaya kore-kore mai fararen layuka a gicciye, ƙarshensa a baje kamar mafici.

"Wancan shi ne lobsta. Ƙaho biyu bisa ido, ƙaya ko'ina, ɓawo kamar kasko, bindi faffaɗa a kwance. Ba shi da awartaki."

Shamsuddeen ya miƙe ya ciro tasa wayar. Ya rubuta kalmar, ya juyo da fuskar ga Alhaji. Hotuna suka jeru, jajaye, kowanne da hannuwa biyu manya kamar na maƙeri.

"Yaya, ka gani da idonka. Duniya duk ta san lobsta da hannu. Ga hoto ya fi ɗari. Wanda Baba ya nuna ko hannu babu. Mu kai ma Turawa abu ba hannu, su ce mun cinye rabi a hanya."

"Jan ba komai ba ne, dukkansu ja suka yi in sun ji wuta," in ji Mainasara. "Wanga naka kuwa na tekun sanyi ne, na ƙasashensu. Dubi hannunshi, gajere mai ƙiba, kuma shi ne na farko daga kai. Na farantin tsakiya hannu siriri ne dogo kamar na mai cire ƙaya, kuma in da za ka kife shi, akwai wasu ƙanana biyu gabanshi. Tekunmu ba ya fidda wancan. Namu shi ne mai bulala."

"Matar da ke sayarwa fa? Ita ma ba ta sani ba?" in ji Shamsuddeen.

"Ta sani sarai. Ta ga Bahaushe da warin albasa a riga shina tambayar lobsta, ta nuna mishi abin da ya yi kama da hoton wayarshi. Wasu ma can haka suka kiranshi don a ji daɗin saye. Ba ta yi rantsuwa ba, ciniki ta yi."

Alhaji Muhtari ya riƙe wayoyin biyu, ɗaya a kowane hannu. Mutane sun fara taruwa, mai shayi ya bar tukunyarsa, wasu 'yan acaɓa biyu sun kashe babura. Mainasara ya san abin da ke yawo a kan Alhaji. Farashin mai bulala ya ninka na tsakiya, kuma in ya yi kuskure ba kayan kaɗai zai rasa ba, sansanin ne gaba ɗaya.

"Baba, zan tambaye ka, kada ka ji haushi," in ji Shamsuddeen, ya sassauta murya yadda kowa zai ji. "Shekara goma sha ɗaya muna jin kai ne wakilin shanu a Agege, tirela ba ta sauke kaya sai ka zo, mahautan Ikko na kiranka Oga. Mun yarda. To mai shanu mi ya haɗa shi da ƙwarin ruwa? Ka taɓa ci ma?"

"Ban taɓa ba."

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba, amma ya mayar wa Shamsuddeen wayarsa ya fara neman lambar Auwal a tasa, kuma Mainasara ya ga inda ya karkata.

Akwai maganar da ya riƙe shekara talatin da uku. Matarsa ta rasu ba ta ji ta ba. Ya dubi langa-langar da ke kansa, ya dubi Nagoggo, wanda shanun mahaifinsa na cikin na farko da ya taɓa rakawa a jirgin ƙasa daga tashar Kaura. Sai ya naɗe hannun riga, ya buɗe tafin hannunsa na dama a kan gwiwa.

"Alhaji, dakata. Dubi nan."

Tafin cike yake da ƙananan tabo farare, tsofaffi, sun bi ta kan yatsu har wuyan hannu. A gindin babban yatsa akwai ɗaya mai zurfi kamar an ciza.

"Kun ɗauka igiya ce. Ba ita ba ce. Wanga babban ƙaguwa ce, ta kama ni ta ƙi saki har sai da anka karya hannunta. Ƙananan ga duk ƙayar mai bulala ce. Shekarar da tirela ta faɗi da mu bayan Jebba, shanu ashirin da shida sunka mutu, na kasa dawowa Kaura in dubi masu su. Kun ji na ce na yi shekara biyu ina wakilci. Dako ni yi. Gammo a kai, a kasuwar kifi, ina ɗaukar ma wata Bayarabiya kwando daga kwalekwale zuwa tebur. Ita ta koya mini rarrabewa, don in na haɗa su kwando guda, ƙaguwa taka yanka jatan lande, ita kuma ta zage ni tun daga kakana. Kullum da safe ni ka zuba su kashi uku. Mai bulala in ka kama shi kuka shika yi, ƙurrr, da gindin bulalar, kamar ana goga ƙarfe. Masu otal na tsibiri shi suka zo nema, da motoci, ni ka kai musu har but ɗin mota. Ban taɓa ci ba don ba a ba ɗan dako."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Mai shayi ya koma wajen tukunyarsa a hankali.

"Ashe kai alaru ne, ɗan dako," in ji Nagoggo bayan ɗan lokaci. "Shekara talatin ina ce maka Oga."

"Ka ci gaba da faɗi. Na fi ka sanin teku."

"Ni mi zan yi da teku, saniya ba ta sha."

Alhaji Muhtari ya buga wa Auwal ya sa a lasifika, ya miƙa wa Mainasara. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar. Mainasara ya ce a sayi na kusurwa mai bulala, a zaɓi wanda in an ɗaga bindinsa na naɗewa da ƙarfi, a bar wanda ya saki jiki. Ya ce na tsakiya ma a saya kaɗan a cika odar jatan lande, amma da sunan jatan lande da kuɗin jatan lande. Aka ji matar tana faɗa da Yarbanci. Mainasara ya ce a ba ta wayar, ya jefa mata kalmomi biyar ko shida da suka yi tsatsa a bakinsa. Sai ta fashe da dariya, ta tambayi Auwal wane ne wannan tsohon.

Kwana huɗu kaya suka yi a hanya. A kwanakin nan Shamsuddeen bai daina gaishe shi ba, amma ranar Laraba ya kawo magini ya sake auna wurin a gabansa, har ya roƙe shi ya ɗan ɗaga ƙafa a ja awo. Mainasara ya ɗaga. Labarin gammo kuwa ya riga ya zaga kasuwa, ranar Alhamis har ya kai Shinkafi a bakin masu shanu. Wasu matasan direbobi da suka saba tsayawa su ji yadda ake sauke tirela a Agege suka riƙa wucewa da gaisuwa daga nesa. Ya lura, ya tufka igiya goma sha biyu.

Ranar Asabar da hantsi suka bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Zurmi. Alhaji na tuƙi, Mainasara a gefensa da farar riga da ya ajiye don Juma'a, Shamsuddeen a baya da kuloli uku. Kowa idonsa na kan daji. Shamsuddeen ya yi ta latsa waya har inda sabis ya ɗauke, daga nan ya kife ta a cinya.

A ƙofar sansanin aka tsayar da su wajen ma'ajin kamfanin, wani mutum mai tsabta da biro uku a aljihu. Ya buɗe kular ƙaguwa ya yi alama a takarda. Ya buɗe ta jatan lande ya yi alama. Ya buɗe ta uku, ya tsaya.

"Wannan mene ne?"

"Lobsta," in ji Alhaji, muryarsa ba ta fita sosai ba.

"Ina hannuwan?"

Ma'ajin ya ce shi ya yi aiki a otal a Abuja, ya ga lobsta a faranti. Ya ce an ɓalle hannuwan an sayar daban, domin nan ne nama mai daɗi yake, kuma shi ba zai sa hannu a kan rabin kaya ba. Ya koma kular jatan lande ya zaro ɗaya daga cikin na kogi, ya ce ga ma ƙananan lobsta nan an cusa a inda bai dace ba, manyan kuma an yi musu kaciya. Ya ce a mayar da kula ta uku mota.

Alhaji ya juyo ya dubi Mainasara. Gumi ya jiƙa masa hula.

Mainasara ya naɗe hannun farar rigarsa, ya sa hannu cikin ƙanƙara, ya kamo mafi girma ta bayan kai yadda ƙaya ba za ta same shi ba. Hannun ya tuna da kansa. Ya kwantar da shi rigingine a kan murfin kula.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, amma na iya ƙirga. Duk dangin ga ƙafa goma Allah ya ba su, har da hannuwa in akwai. Ɗauko ƙaguwarka ka ƙirga, takwas da awartaki biyu. In an ɓalle ma wanga hannu biyu, takwas za su rage, kuma za ka ga gurbi. Bismillah."

Ma'ajin bai motsa ba. Mainasara ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana faɗi a fili. Biyar a dama. Biyar a hagu. Babu gurbi, babu karaya.

"A ina anka cire hannun?"

"Wataƙila wani iri ne," in ji ma'ajin, "amma ba shi aka rubuta ba."

"Shi ne," in ji Shamsuddeen daga baya. Ya matso da wayarsa, ya buɗe wani hoto da ya ajiye. Mai bulala ne, da ƙaho da ƙaya, da sunansa a rubuce a ƙasa. "Iri biyu ne manya. Wannan shi ake kamawa a tekunmu."

Mainasara ya dube shi ta saman tabarau. "Yaushe ka samo wanga?"

"Tun ranar Talata, Baba."

"Ranar Laraba kuma ka kawo magini."

Shamsuddeen ya sosa ƙeya.

Ana cikin haka kukun ya fito daga kicin yana goge hannu, wani gajeren dattijo mutumin Kwatano da ya iya Hausar zango. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗauki wanda ke kan murfin ya auna nauyinsa a hannu, ya matsa bindin, ya kai hanci. Ya kira shi da wani suna na Faransanci, ya ce rabonsa da ganin mai kyau haka tun yana aiki a bakin teku. Ya leƙa kular jatan lande, ya ware na kogi gefe ya ce waɗannan da barkono za a yi su. Sannan ya ga yadda Mainasara ke mayar da sauran cikin ƙanƙara, kai ƙasa, bulala a kwance.

"Tsoho, ka yi aikin kifi."

"Shekara biyu. Dako."

"Ni uku na yi kafin a bar ni in taɓa wuƙa." Ya juya ga ma'ajin. "Sa hannu, malam, kayana na narkewa."

Ma'ajin ya zaɓi biro ɗaya ya sa hannu.

Kukun bai bar su sun tafi ba. Ya tsaga ƙarami ɗaya biyu, ya gasa da man shanu da tafarnuwa, ya kawo a faranti ya ajiye gaban Mainasara a inuwar kicin. Ɓawon ya koma ja. Mainasara ya yi bismillah, ya ɓanɓaro farin naman bindin, ya tauna a hankali. Su Alhaji suna kallon bakinsa.

"Yaya ka ji shi?" in ji Alhaji.

"Ba laifi," ya ce. "Balangun Shinkafi ya fi shi." Amma ya cinye, ya kuma hana Shamsuddeen ɗanɗanawa.

To, ga yadda ciniki ya tashi. Alhaji Muhtari ya ci riba, sansanin ya zauna a hannunsa, kuma da kamfanin ya koma wani aiki wajen Moriki da shi aka tafi. Mai ɗakin sanyin Gusau ya yi jiran banza. Matar bakin ruwa ta rasa kuɗin lobsta a kan jatan lande, ta samu mai saye da ba ta ƙara gwada wa wayo ba. Shamsuddeen ya rasa wurin janareta, dole aka fasa bangon baya aka kai shi can, kuma shi ya tsaya kan aikin kwana shida a rana. Mainasara ya rasa Oga, yaran tasha yanzu Baba Alaru suke ce masa, wasunsu ba su ƙara zama a bencinsa ba. Rumfa kuwa tasa ce. Kuma daga Kaura har Zurmi, duk wanda aka turo wa hoton abin ruwa mai ƙafa da yawa, wurinsa yake kawowa, ya tsaya a rana har tsohon ya gama tufkar da ke hannunsa.